Shanyewar ɓarin jiki: me kuke yi kafin hoton ƙwaƙwalwa ya fito?

Nas ɗin gaggawa: Abokan aiki, ga misali. An kawo dattijo bayan asuba, baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Awon jini 200/110, na'urar hoton kuma tana wani gari. Da me kuke farawa?

Sista Babba: Da awon sukari, ƙanena. Idan sukari ya faɗi, yakan kawo waɗannan alamu sak, kuma da an ɗaga shi sai mutum ya warware. Daga nan ka tambayi iyali yaushe aka gan shi garau na ƙarshe. In bayan isha'i ne, daga nan lissafi zai fara, ko da sai da asuba aka lura. Allurar narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, ka ga ta wuce shi.

Ɗalibin asibiti: Tunda ba ciwon kai mai tsanani, ba amai, bai suma ba, ai toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ce. A ba shi asfirin, a sa masa maganin hawan jini nifedifin ƙarƙashin harshe.

Likitan ƙwaƙwalwa: Alamun da ka lissafa sun fi yawa a fashewar jijiya, gaskiya ne, amma ƙaramar fashewa takan zo babu ko ɗaya cikinsu. Binciken SIREN a Najeriya da Gana ya nuna kusan ɗaya cikin uku fashewa ce. Hoto kaɗai ke rabewa, kafin shi ba asfirin. Nifedifin kuma ka manta da shi. A toshewa, wannan hawan jinin ne ke tura jini zuwa sashen ƙwaƙwalwar da bai mutu ba, shi ya sa ba ma taɓa shi sai ya haura 220/120. In fashewa ce ta tabbata, sannan a sauko da lambar sama ta awon jinin zuwa wajen 140, da magani ta jijiya, a hankali.

Maman Biyu: Likita, to ruwa fa? Namu tsohon zamzam kawai muka ɗura masa.

Sista Babba: Hajiya, ko zamzam, ko rubutu, ko koko, a dakata. Maƙogwaro ma yakan shanye, ruwan ya zarce huhu, wani lokaci ko tari babu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi. In ya farka sosai, muna zaunar da shi mu ba shi ƙaramin cokali na ruwa sau uku. Ya ƙware ko muryarsa ta yi gargada, ba a ba shi komai ta baki ke nan. Ƙarin ruwa na gishiri ake sawa, ban da na sukari zalla. A ɗaga kansa kaɗan, a juya shi duk awa biyu, kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa takan goce.

Nas ɗin gaggawa: In iyali ba su da kuɗin hoton fa?

Likitan ƙwaƙwalwa: Nan ko mu ba mu daidaita ba. Wasu kan fara asfirin in alamu sun karkata ga toshewa. Ni ba na bayarwa.