Wanda bai ƙware a komai ba, ya ɗora komai ko ya kama layi ɗaya?

Sagir: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son buɗe tashar bidiyo a YouTube, amma gaskiya ban iya wata sana'a ba. Na gama makaranta, yanzu ina zama a rumfar yayana a kasuwar Dawanau ina taya shi lissafi. Wani abokina ya ce wanda ba shi da ƙwarewa kada ya wahalar da kansa da zaɓen fanni, ya dinga ɗora duk abin da ya samu, wanda ya tashi shi ne layinsa. Haka ne?

Kamalu: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Yau ka yi barkwanci, gobe ka yi sharhin ƙwallo, jibi ka ɗauko abin da ake ta cece-kuce a kai. Mutane ne za su gaya maka abin da ka iya. Masu zama suna tunanin fanni wata shida ba su ɗora ko bidiyo ɗaya ba na san su da yawa.

Anti Rabi: Kamalu, rabin maganarka na yarda da ita, wato kada ya zauna yana tunani har damina ta wuce. Ɗaya rabin kuma shi ya cinye min kusan shekara guda. Da na fara, girki nake ɗorawa, da kwalliya, da bikin 'yan uwa, duk a tasha ɗaya. Wani bidiyon kamu ya tashi, na samu mabiya kusan dubu biyu a mako guda, na ɗauka na tsallake. Da na ɗora na dambun shinkafa, waɗannan mutanen aka fara nuna wa, su kuma biki ya kawo su, ko taɓa shi ba su yi ba. Manhajar tana lura da wanda ya danna da wanda ya wuce, da ta ga mabiyana ma suna wucewa sai bidiyon ya kwanta. Lambar mabiya tana nan a rubuce, masu kallo babu.

Kamalu: To ai da kin bi bikin, Anti. Shi ne abin da nake faɗa.

Anti Rabi: Biki nawa ake yi a danginmu a shekara? Nan matsalar take. Abin da ya tashi da sa'a ba lalle ne kana da hanyar maimaita shi duk mako ba. Shi ya sa ni ban fara tambayar mutum me ya iya, ina tambayarsa ina yake yini. Sagir, kai ka amsa tambayarka ba ka sani ba. Kullum kana cikin Dawanau. Mai sayen masara a Legas, da matar da ke son ajiye wake kafin azumi, da manomin da ke tunanin ya sayar yanzu ko ya jira, duk suna son ganin abin da kake gani da safe kana shan koko. Ba sa buƙatar ka zama masani, idonka suke buƙata a wurin.

Malam Habu: Ni fa a nan nake da ja. Shekara ashirin da wani abu ina harkar hatsi. Yaron da bai san bambancin sabon wake da wanda ya kwana biyu a sito ba, ya ɗauki waya ya ce ga farashi, wani ya taso daga Zariya da kuɗinsa ya tarar ba haka ba, wa za a zaga? Farashin safe daban, na la'asar daban, na dillali daban, na mai kaya daban. Wanda bai sani ba ya yi shiru ya koya tukuna.

Anti Rabi: Baba Habu, gaskiyarka, kuma wannan ne iyakar abin. Amma akwai bambanci tsakanin ya ce "farashin wake kaza ne" da ya ce "yau Talata da ƙarfe goma na tambayi rumfa uku, ga abin da kowanne ya ce". Na farko ikirarin sani ne, na biyu shaida ce. Ya faɗi rana, ya faɗi awa, ya faɗi buhun mai tiya nawa ne, don wani buhun arba'in ne wani bai kai ba. Sannan abin da bai sani ba ya tsayar da irinku ya tambaya a gaban kyamara. Da za ka ba shi minti biyar ka zuba wake a tafin hannu, ka nuna masa hudar ƙwari da garin da ke taruwa a gindin buhu, ai bidiyo ya samu, kuma ilimin naka ne, shi ɗan tambaya ne kawai.

Malam Habu: Ni ba na son a ɗauki fuskata.

Anti Rabi: Hannu da murya sun isa, Baba. Kuma Sagir ka ji, ko ɗan dako ne ka nemi izininsa kafin ka ɗauke shi.

Ummi: Ni dai shawarata ka fara sayen waya mai kyau da fitilar nan mai zagaye. In hoto bai fita ba babu mai tsayawa.

Nura: Ummi ba waya ya tambaya ba. Sagir, bari in gaya maka abin da kada ka yi, don ni na yi. Na ce tunda ban iya komai ba, bari in dinga yanko wa'azin malamai da guntayen finafinai ina ɗorawa. Mabiya suka taru da sauri, na cika sharaɗi, na nemi a fara biyana. Amsar da ta dawo ita ce `reused content`, wai kayan wasu ne na sake ɗorawa ban ƙara komai nawa ba. Wata goma sha ɗaya da kuɗin data suka tafi a haka. Wasu bidiyon ma masu su suka kai ƙara aka sauke.

Sagir: Subhanallah. Sharaɗin biyan nawa ne, Nura?

Nura: Don a fara biyanka kuɗin talla, mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Ko kuma mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon nan da ake kira Shorts cikin kwana 90. Kuma kuɗin ba ya fita sai ya kai dala 100.

Anti Rabi: Ku tsaya mu yi lissafin, tunda Sagir ɗan lissafi ne. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo yana tsayawa minti uku, kana buƙatar kallo 80,000 a shekara. In kana ɗora biyu a mako, bidiyo ɗari da 'yan kai ke nan, kowanne ya samu wajen kallo 800. Wannan mai yiwuwa ne ga tashar da mutane ɗaya suke dawowa duk mako. Kallon da ake yi wa Shorts ana shafa waya kuwa ba ya shiga lissafin awannin nan, don haka kada wani ɗan gajeren bidiyo ya tashi ka ɗauka ka kusa.

Ga gwajin da nake ba kowa. Ka ɗauki takarda, ka rubuta fanni uku da kake tunani, a ƙarƙashin kowanne ka rubuta sunan bidiyo talatin da za ka iya ɗauka da wayar da ke hannunka, ba tare da ka biya kuɗin mota ba. Barkwanci za ka ga ka tsaya a na shida ko na bakwai, sai ka fara kwaikwayon wasu. Na kasuwa kuwa, bari in fara maka: yadda ake auna tiya a murɗe maka, me dillali yake samu a buhu, yadda ake loda tirela, me ya sa hatsi ke sauka da kaka, yadda ake tsince riɗi kafin a fitar da shi waje, inda zoɓo yake fitowa, kuɗin ajiya a sito. Ban ko shiga Dawanau sau biyar ba ga bakwai.

Kamalu: Wa zai zauna kallon buhun gero don Allah? Mai barkwanci ɗaya zai samu a yini abin da Sagir zai samu a shekara.

Isufu: Ni zan kalla. Daga Maraɗi nake, kuma kafin mu tashi mota sai mun kira mutum uku a Kano, kowa ya faɗi nasa. In akwai mai nuna min kayan da idona duk mako, ba zan wuce shi ba.

Anti Rabi: Ka ji ko, Kamalu. Mutum dubu irin Isufu sun fi dubu hamsin masu dariya su wuce, domin cikinsu ne wani zai ce "Sagir, nemo min buhu ashirin", yayansa ya yi ciniki tun talla ba ta fara biya ba. Amma akwai rauni ɗaya da dole in faɗa. Bidiyon farashi kamar tumatir yake, kwana huɗu ya lalace, babu mai neman farashin watan jiya. Don haka ya raba: ɗaya na farashi a rana tsayayya duk mako, ɗaya na abin da ba ya tsufa, irin na gane wake mai ƙwari, wanda za a ci gaba da nema baɗi.

Sagir: To yaya zan gane ko layin ya karɓe ni, Anti?

Anti Rabi: Ka ɗora goma kafin ka yanke hukunci, kuma kada ka auna da yawan kallo, don sabuwar tasha kallo arba'in ma ba abin kunya ba ne. Ka buɗe YouTube Studio, ka shiga Analytics na kowane bidiyo, akwai wani layi da ke nuna inda mutane suke sauka. In ya faɗo tun cikin daƙiƙa talatin na farko, yawanci doguwar gaisuwa ce ta kore su, ba fannin ba. Ka yi sallama a taƙaice ka nuna buhun. In rabin mutanen suna kaiwa tsakiya, kuma a ƙasa ana tambayarka "waken suya fa?", to ka samu wuri. In goman suka ƙare babu tambaya ko ɗaya, kai ma kana jin nauyin ɗaukar waya, ka koma takardarka ka gwada na biyu.

Kamalu: To ai gwaji ne dai, abin da na ce tun farko.

Anti Rabi: Gwaji ne, amma goma a layi ɗaya. In ka yi goma a layi goma, ba ka san wanne ya faɗi don fanni ba, wanne don murya ba ta fita ba.

Malam Habu: Ni har yanzu ban gamsu da maganar farashin nan ba. Akwai ranar da zai faɗi abin da zai ɓata wa maƙwabcin rumfarsu ciniki, kuma yayansa ne zai sha kunyar. Ya fara gaya wa yayan nasa, in shugabannin layinsu suna da magana ya ji ta.

Sagir: Zan yi masa maganar yau da daddare in sha Allah. Baba Habu, in ya yarda, zan same ka ranar Asabar da waken?

Malam Habu: Ka zo bayan azahar, da safe ba ni da lokacinka. Kuma ka taho da waken daga rumfarku, kada ka nuna nawa.