Naira 150,000 ta maƙale tun Litinin, wa zan kai wa ƙara?

Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya turo wa Hajiyarmu naira 150,000 daga Jidda, kuɗin magani da na makarantar ƙannenmu. Manhajar kamfanin tura kuɗin ta nuna masa "Completed", amma ko kwabo bai shiga asusunta ba.

Na je bankinta a Sabon Gari, suka buga mini takardar shige da ficen asusun, babu komai. Suka ce sai na kawo "Session ID", lambar nan mai alƙaluma 30, kafin su bi sawu. Kamfanin kuwa lambar rasidinsu kaɗai suke turo mana, kullum a yi haƙuri.

Maganin hawan jininta ya ƙare jiya, raina a ɓace yake wallahi. Don Allah ta yaya ake tilasta musu su ba da lambar? CBN na karɓar ƙorafina, ko sai yayana da ya tura?