Wa ya taɓa neman satifiket ta imel aka kula shi?

Uwar Biyu: Salam jama'a. Sati uku ke nan da na tura imel wani ofishin gwamnati ina neman satifiket ɗina na kammala kwas, shiru kake ji. Gaisuwa na yi, na sa sunana, na ce ina son takardata. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min inda na kuskure.

Tsohon Akawu: Hajiya ai ba ki ba su abin da za su nemo ki da shi ba. Na yi aiki a sashen fayil, mu da lamba muke nemo mutum, masu suna irin naki za su iya kai goma a rajista ɗaya. A gurbin Subject ki rubuta neman satifiket, sai lambar rajistarki, sai shekarar da kika gama, misali 2019. A ciki ki fara da muƙamin shugaban sashen, gaisuwa layi ɗaya, jimla ta farko ki faɗi takardar da kike nema. Sannan ki jero cikakken suna yadda yake a rajista, lamba, shekara, da lambar rasit in kin biya kuɗi, kowanne a layinsa. Ki rufe da godiya da lambar waya.

Ɗan Autan Gida: Gaskiya ne Baba, ni sunan mahaifina na sa a gaba alhali a rajista shi ne a ƙarshe kuma harafi ɗaya ya bambanta, suka ce wai ba su ga fayil ɗina ba, sai da na tura kwafin takardar shiga. Amma Anti ki cika shi da ranka ya daɗe, kuma ki sa duk manyan ofis ɗin a CC, tsoro zai sa su amsa.

Tsohon Akawu: Ladabi kam dole, amma ranka ya daɗe sau ɗaya ya isa. CC ɗin kowa kuwa, kowa sai ya ɗauka wani ne zai amsa.

Malama: Nawa hotunan takardu ne suka kashe shi, na loda guda tara daga waya ashe ya dawo ban lura ba, akwatinsu ba ya karɓar mai nauyi. Da na haɗe su PDF ɗaya ya shiga.

Baƙo: Ni nawa satifiket ɗin ɓata ya yi a gobara, imel ɗin zai wadatar?

Malama: Yaya naka daban ne, yawanci sai an nemi takardar rantsuwa tukuna, fara tambayarsu sharuɗɗa.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. To in sake sabo ne ko in danna Reply kan na farkon?

Tsohon Akawu: Sabo, tunda na farkon ba lamba. Tuni ne ake yi kan tsohon saƙo, bayan sati biyu.

Malama: Sati biyu Baba? Ni dai kwana bakwai nake bari in kira waya.