Rabin yini ko a zauna gida: gardama kan takardar komawa aiki

Ƙanwar mai jinya, Garwa: Salamu alaikum. Yayana mai kula da sito ne a wani kamfani nan Garwa. Ciwon damuwa mai tsanani ya kwantar da shi wata huɗu, har da sati biyu a gadon asibiti. Yanzu likita ya ba shi takarda cewa zai iya komawa aiki, amma sannu a hankali: rabin yini da farko, ba aikin dare, ba tuƙa injin ɗaukar kaya. Shugaban ma'aikata ya mayar masa da ita, wai ko dai mutum ya warke ko bai warke ba, babu tsakiya. Gaskiyarsa ne?

Alhaji mai sito, Marwa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara sauƙi. Ba za ki ji daɗin maganata ba, amma ni ina bayan shugaban. Yara goma sha biyu ke aiki a hannuna. Mota ta iso daga Ngawundare ƙarfe uku na yamma, mai riƙe da littafin kaya ya tashi tun sha biyu, wa zai ƙirga buhuna? Likitan da ya rubuta rabin yini shi da kansa ya shaida cewa mutumin bai gama warkewa ba. To ya ƙarasa jinyarsa a gida, ya dawo da ƙarfinsa.

Malama Nas, Garwa: Alhaji, da karaya ce a ƙafa da ban yi musu da kai ba sosai. Wannan ciwon ba ya tafiya rana ɗaya. Barci da cin abinci su ke fara gyaruwa, amma tattara hankali, saurin lissafi da jure hayaniyar mutane su kan biyo baya da makonni, wani lokaci da watanni. Kuma ba a ɗaki suke dawowa ba, sai an motsa su. Wanda ya yi wata huɗu ba ya tashi da agogo, ba ya magana da kowa sai mutanen gida, in ka ƙara masa wata biyu zaman ne zai ƙara kama shi, tsoron ƙofar ma'aikata kuma ya ƙaru. In kuwa ka jefa shi awa 40 a sati ɗaya, yakan yi kuskure a lissafi a kwanakin farko, a yi masa faɗa gaban yara, ya koma gida yana cewa dama na san ba ni da amfani. Wannan tunanin shi ne ainihin ciwon. Shi ya sa likitocin aiki ba amsa biyu kawai gare su ba. Akwai ta uku wadda ake rubutawa kullum: zai iya aiki, bisa sharuɗɗa kaza da kaza, zuwa rana kaza.

Ƙanwata, rubuto mana abin da ke cikin takardar, ban da sunansa.

Ƙanwar mai jinya: To Yaya. Da Faransanci take, ga ma'anarta. Sati na 1 da na 2, awa 4 a rana, kwana uku a sati. Sati na 3 da na 4, awa 4, kwana biyar. Sati na 5 da na 6, awa 6. Daga sati na 7, cikakken yini. Ba aikin dare har wata uku. Ba tuƙi ko aiki da inji har sai an sake duba shi. A ba shi rabin yini duk sati biyu don ganin likita. Za a sake duba shi ƙarshen sati na 4.

Malama Nas: Wannan likitan ya san aikinsa. Dubi abin da ya sa: lamba da ranar ƙarewa. Takardar da ta fi jawo rigima ita ce mai cewa "a ba shi aiki mara nauyi" kawai, don shugaba bai san mene ne mara nauyi ba, bai kuma san yaushe zai ƙare ba, sai ya ga kamar an ɗora masa kaya har abada. Nan kuwa sati shida ne, kowa na iya ƙirgawa a yatsa.

Hana aikin dare ba gata ba ne. Rikicewar barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma ita ce alamar da ta kan fara bayyana in zai dawo: mutum ya farka ƙarfe uku na dare barci ya ƙi komawa, kwana da kwanaki. Maganar inji kuma daga magani take. In amitiriftilin yake sha, wanda ya fi samuwa a wajenmu, yana sa nauyin kai da safe, da bushewar baki, da jiri in mutum ya miƙe da sauri. Haɗa wannan da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, a cikin sito mai rufin kwano. Abu ɗaya na so a ce likitan ya ƙara: lokacin farawa. Mai shan wannan maganin da dare, ƙarfe tara zuwa ɗaya ya fi masa bakwai zuwa sha ɗaya.

Wani ɗan'uwa daga Njamena: Ni dai ban gane ba. Wa ke da rai bai da damuwa a wannan zamani? Kuɗin haya damuwa, kuɗin makaranta damuwa. In kowa zai kawo takarda ai ba mai aiki. A kai shi a yi masa addu'a, ya dage da azkar.

Ƙanwar mai jinya: Malam, addu'a ba mu fasa ba ko kwana ɗaya. Amma mutumin da ya daina cin abinci, ya rame har wandonsa na zamewa, ya daina amsa sallamar 'ya'yansa, ba kuɗin haya ke damunsa ba.

Baba tsohon wakilin ma'aikata, Garwa: Ku bar wannan, ku dubi kalanda, nan haɗarin yake. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992, sashe na 32, ta ce rashin lafiyar da likita ya tabbatar tana dakatar da kwantiragi har wata shida. Bayan nan ana ci gaba da jira ne kawai muddin ba a ɗauki wani a gurbinsa ba. Yaron nan ya ci huɗu. "Je ka ƙarasa warkewa" da Alhaji ke faɗa da kyakkyawar niyya, a bakin wani shugaban hanya ce ta cinye sauran biyun a sa wani a kujerar. 'Yata, kada ku karɓi ƙi da baki. Ku kai takardar da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya. In sun ƙi, su rubuta. Ku nemi likitan da kamfanin ke aiki da shi ya gan shi, don doka ta wajabta wa kowace ma'aikata tanadin kula da lafiyar ma'aikata, kuma maganar nasu likitan ta fi wuyar turewa. In abin ya ci tura, ofishin sufeton aiki, can ake fara sulhu kafin kotu. Albashi kuma kada ku damu, CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, za ta cika ragowar awannin.

Malama Nas: Baba, a gafarce ni, duka na yarda ban da na ƙarshen. CNPS na biyan haɗarin aiki da cututtukan da aka lissafa a matsayin na sana'a, da kuɗin iyali da fansho. Jinya irin wannan ba ta ciki. A Faransa ne asusun lafiya ke cika albashin mai rabin yini na jinya, mutanenmu kan ji labarin su ɗauka har nan haka yake. Nan sai abin da aka daidaita da kamfani, ko abin da yarjejeniyar sana'arsu ta tanada.

Baba tsohon wakilin ma'aikata: Na karɓi gyara. Tsufa.

Alhaji mai sito: Yauwa, an zo wurin. Na yi lissafi: 12 sau biyu, 20 sau biyu, 30 sau biyu, awa 124 ke nan cikin 240. Rabi da ɗan kai. In za a biya shi awannin da ya yi, in sa mataimakinsa ya riƙe yamma, zan iya jurewa sati shida, don horar da sabon mai sito ya fi haka cin lokaci, ga ɓatan kaya kafin ya gane. In kuwa cikakken albashi ake nema, ban yarda ba. Sannan ina da sharaɗi: a gaya mini ciwon. Ba zan miƙa makulli ga wanda ban san abin da ke kansa ba.

Malama Nas: A'a Alhaji. Sunan ciwo sirrin likita ne da mara lafiya, ba ya shiga takardar da za ta je ofis. Abin da kake da haƙƙin sani shi ne me zai iya, me ba zai iya ba, har yaushe. Takardar nan hannu nawa za ta bi kafin ta shiga fayil? Ranar da sakatare ya karanta, washegari masu dako na kiransa mahaukaci.

Hajiya malamar makaranta, Ngawundare: Ni aka yi wa. Shekara uku da suka wuce na yi irin wannan ciwon bayan rasuwar mijina. Don kunya na roƙi likita ya rubuta na warke sarai, na koma aji shida lokaci guda, na kuma ajiye magani don na ji sauƙi. Sati biyar na yi. Wata safiya na tsaya gaban allo na kasa tuna abin da nake koyarwa. Jinya ta biyu ta fi ta farko tsawo. Daga baya likita ya ce mini ana ci gaba da maganin aƙalla wata shida bayan an ji an warke. Ki kula da yayanki a nan, ranar da ya koma aiki zai ce ai shi ke nan.

Amma Malama Nas, ni da na gaya wa shugabarmu gaskiya a karo na biyu, ita ta rufa mini asiri, ta sauya mini jadawali.

Malama Nas: Ke kika zaɓa, da bakinki, ga mutum ɗaya da kika amince da ita. Wannan daban da a rubuta. Yana da kyau ma ya sami mutum ɗaya a wurin da za su zauna minti goma duk ƙarshen sati, a ga ko a ƙara awanni ko a maimaita matakin. In barci ya lalace kwana uku a jere, ko ya fara makara yana guje wa mutane, ba a jiran sati na 4, a koma wurin likita.

Ƙanwata, tambaya ɗaya, kuma ba sai kin amsa a nan ba. Me ake ajiyewa a siton? In akwai maganin ƙwari na auduga ko na feshin ciyawa, kuma in a lokacin ciwon ya taɓa maganar ya gaji da rayuwa, ki gaya wa likita gobe. Ana iya rubuta "kada ya yi aiki shi kaɗai, kada ya riƙe sashen sinadarai" na wani lokaci. Maganinsa ma ya zauna hannun matarsa, ba kwali guda a aljihunsa ba.

Baba tsohon wakilin ma'aikata: Wannan layin kuwa duk mai hankali ya karanta ya gane ciwon. Ina sirrin da kike karewa?

Malama Nas: Na sani Baba. Wasu likitocin kan rataya shi a kan magani, su haɗa shi layi ɗaya da hana tuƙi. Ba ya rufewa duka. Amma in sai na zaɓa, na zaɓi a yi zargi.

Alhaji mai sito: Ni in na ga wannan layin zan kira shi in tambaye shi, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙanwar mai jinya: Akwai taki da maganin feshi, ɗaki guda, makullin na hannunsa. Alhamis muke da ganin likita, zan bi shi. Baba, kwafin da za a buga wa hatimin, shi zai kai da kansa ko ni zan iya kai masa?