Adakar Inna da setin kushin a falo ɗaya: ya kuka yi da naku?

Amarya daga Ringim: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar Innarmu an ba ni adakarta ta katako, wadda aka kai ta ɗakin miji da ita, da langa saiti 2 da 'yar kujerarta ta tsugunno. Falona ƙafa 12 ne da 14, kuma setin kushin na aure, mai cin mutum 7, ya riga ya cinye bango uku. Na ajiye adakar a lungu bayan ƙofa, sai ta zama kamar kayan da ake jira a zo a kwashe. Maigidan ya ce in mayar da ita uwarɗaka, ni kuma ina so a riƙa ganinta. Sannan jiya da nake shara na ga wani gari-gari a ƙarƙashinta. Waɗanda suka taɓa haɗa irin wannan, ku taimaka min.

Maman 'yan biyu, Kazaure: Allah Ya jiƙan Inna. Gara ce, 'yar'uwa, ki yi maza. Ki samu baƙin mai a wajen masu gyaran babur ki shafe gindinta da shi, haka muka yi wa katakon rufinmu. Kuma ki sa a yi mata fenti kalar kushin ɗin, ki kawo ta tsakiya ta zama tebur.

Kafinta, Ɗambatta: Hajiya, saurin da kika ce a yi daidai ne, amma a dakata da baƙin man. A katakon rufi ana sa shi, don ba mai taɓawa. A falo kuwa wari zai yi, ya ɓata labule da zanen duk wanda ya jingina, kuma katakon da ya sha shi ba ya ƙara karɓar falish.

Amarya, fara duba ko wane ne ɓarawon. Gara tana zuwa daga ƙasa ne, za ki ga ta gina hanyar jar ƙasa a jikin bango ko ƙasan adakar, in kin ƙwanƙwasa wurin ki ji shi fanko. In kuwa gari ne mai laushi kamar na tuwo, da 'yan ƙananan huji kamar na tsinken allura a jikin katakon, to ƙwaro ne mai gundar katako, yana ciki tun tuni. Ki kwashe kayan ciki, ki kifa ta a tsakar gida, ki bi gindin da bakin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse, wurin ya mutu. Tsofaffin adakun da ake kawo min, sau da yawa jikin lafiya lau yake, musamman in na maɗaci ne, gindin ne ake yi da katako mai arha, shi ke fara tafiya. Sai a cire shi a sa sabo, a zuba maganin ƙwari na katako a cikin hujin nan, a bar ta a inuwa mai iska har warin ya fita. Kada ki shanya ta a tsakiyar rana yini guda, za ta tsage.

Fenti kuma, ni dai ban ba da shawara ba. A goge ta da samfefa mai laushi, a shafa falish marar kala sau 2, a bar ƙarfen kusurwa da marfin kwaɗon yadda suke. Adakar da aka yi wa fenti don ta yi kama da kushin ba ta zama sabuwa, tsufan nata mai kyau kawai take rasawa.

Amarya daga Ringim: Malam, na duba yanzu. Huji ne ƙanana, ba hanyar ƙasa. Gindin ya yi laushi a gefe ɗaya. To batun mayar da ita tebur fa?

Kafinta, Ɗambatta: Mu yi lissafi. Kushin yana cin kusan ƙafa 3 daga bango. In kujeru suna fuskantar juna a faɗin ƙafa 12, saura ƙafa 6 a tsakiya. Adaka ta ɗauki ƙafa 1 da rabi, abin da ya rage a kowane gefe ƙafa 2 ne da ɗan ɗoriya. Mutum zai wuce, amma ba wurin shimfiɗa darduma, ba wurin zaman cin tuwo. Ga kofin shayi da ruwan sanyi da za a riƙa ɗora mata. A babban falo yana kyau, a naki ban ga alama ba.

Uwargida daga Birnin Kudu: Ni abin da ya warware min nawa, rage kushin na yi. Mu mata muna jin kunyar a ce seti bai cika ba, alhali rabin baƙinmu a ƙauye ba sa hawa kujerar. Surukata in ta zo ƙasa take zama ta miƙe ƙafa, kuma wa zai haye kushin ita tana ƙasa? Sai ka ga mutum shida mun cushe a ɗan tsakiyar, kujeru bakwai suna kallonmu.

Na kai 'yan ɗaiɗai guda 2 ɗin ɗakin maigida. Mai cin 3 da mai cin 2 na haɗa su a kusurwa ɗaya, bango guda ya zama fili. A nan na jingina akwatin mahaifiyata, na shimfiɗa darduma a gabansa, da tumtum 2 da na sayo a Kasuwar Kurmi, da buzun Baba a naɗe a gefe. A kan akwatin ban jera langa duka ba, uku kawai na ɗora, babba da matsakaiciya da ƙarama, sauran suna ciki. In kin jera duka sai wurin ya koma kamar rumfar mai sayar da kwanuka. Abu ɗaya da na ƙara, langar tawa jan fure gare ta, sai na ɗinka wa filon kushin riga ja mai duhu. Wannan kaɗai ya sa ɓangarorin biyu suka san juna.

Wani daga Gwaram: Ni tambayata, an raba gadon kuwa? Kayan ɗakin mamaciya haƙƙin dukkan magada ne, har kwanon sha. Kada a gyara abu ya yi kyau gobe wani ya ce da rabonsa.

Amarya daga Ringim: An raba, Yaya. A cikin kasona aka yi mata kuɗi.

Maman Abba, wajen Haɗeja: Ku da kuke kan tudu kuna maganar kyau, mu nan damshi ne matsalarmu. Da damina siminti har gumi yake yi a ƙarƙashin leda. Teburin talabijin ɗina na katakon nan na kamfani da ake matsewa, ƙafafunsa suka kumbura suka fashe, bai koma ba har yau, amma kabad ɗin kakata yana nan, ƙofarsa ce kawai ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Amarya, duk inda za ki sa adakar, kada ta zauna a kan leda kai tsaye. Ki sa a yi mata ƙafa, ko inci 3 ne, yadda tsintsiya za ta shiga, ki kuma bar tafin hannu tsakaninta da bango. Langa kuma inda ta ɓantare nan take tsatsa. Kada ki sa mata soson ƙarfe, ki wanke da sabulu, ki busar sosai, ki ɗan goga man gyaɗa a wurin.

Kafinta, Ɗambatta: Haka ne, kuma ƙofar da ke cijewa kada a fere ta da damina, in hunturu ya zo za ta bar kafa. Ƙafar adakar a yi ta dabam kamar ɗan benci a ɗora ta a kai, kada a buga ƙusa a tsohon katakon.

Maman 'yan biyu, Kazaure: To na janye baƙin mai. Amma raba seti, gaskiya ni ba zan iya ba. Kayan da iyaye suka sha wahala suka yi miki, dangin miji su shigo su ga babu kujera biyu, ki ji abin da za a ce a gari.

Amarya daga Ringim: Ai abin da nake tsoro ke nan, ƙanwar Babanmu ce ta sayi setin kuma tana zuwa duk sallah. Gobe dai zan aika adakar wajen kafinta a canza gindin. Uwargida, da masu yi miki kayan ɗaki suka zo suka ga babu kujerun, me kika ce musu?