Fayil ɗinmu na Excel yana kullewa da zarar mutum ɗaya ya buɗe shi

Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke shigar da lissafin kuɗin makarantar ɗalibai a fayil guda na Excel, mai tsarin .xlsx, wanda na ajiye a OneDrive, na kuma aika wa kowa mahaɗinsa da izinin "Can edit". Mu huɗu muna aiki tare lafiya lau, kowa yana ganin gurbin da ɗan'uwansa yake ciki da launinsa, muna kuma amsa wa juna a ƙarƙashin Comments.

Matsalar tana tasowa ne idan ma'ajinmu ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, wadda ke ɗauke da Excel 2016. Nan take sauranmu muke samun saƙon cewa an kulle shi, sai dai mu karanta, har sai ya rufe. Shi kuma sharhinmu yana fito masa ne a matsayin rubutun da ya fara da "[Threaded comment]", babu wurin da zai mayar da amsa.

Na tabbatar AutoSave yana kunne a wajenmu, na soke mahaɗin na aika sabo, na kuma sauya wa fayil ɗin suna, amma duk a banza. Da na sa shi ya buɗe ta burauza, komai ya tafi daidai, sai dai ya saba danna fayil ɗin daga jakar OneDrive ta kwamfutarsa, kuma jiya ya sake kulle mu ana tsakiyar karɓar kuɗi.

Shin akwai saitin da zai tilasta fayil ɗin buɗewa a burauza kaɗai a wajensa, ba tare da mun sauya masa Excel ba? Na gode.