Wace Hausa za mu ba `Mean`, `p value` da `95% CI`?

Malamar jinya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya bayani da Hausa don ɗaliban jinya masu fara karanta rahoton bincike, kuma kalmomi uku da suke gani a jadawali sun tsaya mini. Abin da na rubuta zuwa yanzu shi ne matsakaici a madadin `Mean`, yiwuwar kuskure a madadin `p value`, sai tazarar tabbaci a madadin `95% CI`. Na biyun da na ukun ba su kwanta mini ba. Ina so ɗaliba ta ji sunan ta kama hanyar ma'anar. A taimaka.

Sista ta ɗakin tiyata: Wa alaikumus salam Malama. Matsakaici ai ya zauna, kowa ya san shi. Na tsakiya ke nan, ba babba ba ƙarami.

Malamin ƙididdiga: Sista, kalmar ta yi, amma "na tsakiya" da kika ce wani abu ne daban. Mu ƙaddara majiyyata biyar sun kwanta, kwanakinsu 3, 4, 4, 5 da 24. In aka haɗa 40 ne, a raba gida biyar, kowa ya tashi da 8. Wannan shi ne `Mean`. In kuwa aka jera su aka ɗauki wanda ke tsakiyar layi, 4 za a samu, wato `Median`. Huɗu cikin biyar ba su kai kwana 8 ba, mutum ɗaya da ya daɗe shi ya ja lissafin sama. Shi ya sa tsawon kwanciya a asibiti ake yawan ba da shi da na tsakiyar layi. Ni da za a ce matsakaicin raba-daidai ga na farko, ɗan tsakiya ga na biyu.

Malamar jinya: Na karɓa, Malam. Raba-daidai ya faɗi aikin da ake yi. To sauran biyun fa?

Malamin ƙididdiga: Bari mu gina misali ɗaya mu gwada sunayen a kansa. A ce ana kwatanta hanyoyi biyu na wankin miki, mutum 40 a kowane rukuni. Da tsohuwar hanya matsakaicin warkewa kwana 14 ne, da sabuwa kwana 12, kuma a kowane rukuni warwatsuwar kwanakin, abin da ake rubutawa `SD`, ta kai 4. Rahoton zai fito kamar haka:

```
Difference = 2.0, 95% CI 0.2 to 3.8, p = 0.03
```

Bambancin da aka gani kwana 2 ne. Amma mutum 80 kawai aka auna, ba duk masu miki ba. Da wasu 80 aka samu, da adadin ya ɗan motsa. Tazarar nan tana cewa ainihin bambancin da ya dace da abin da aka gani yana iya zama ƙanƙani kamar kwana 0.2, yana iya kaiwa kusan kwana 4.

Ɗalibar jinya: Malam, wato kashi 95 cikin ɗari na majiyyata za su riga warkewa da tsakanin kwana 0.2 zuwa 3.8?

Malamin ƙididdiga: A'a, 'yata, tazarar ba ta magana a kan majiyyaci ɗaiɗai. Wani da aka yi wa sabuwar hanya zai iya kwana 20 bai warke ba. Magana take yi a kan matsakaicin bambancin rukunan biyu. Shi kuma 95 ɗin siffar hanyar lissafin ce: da za a yi ta maimaita binciken da sababbin mutane, kowane karo a fitar da tazara, kusan 95 cikin kowace 100 za su kama ainihin adadin, kusan 5 su kuskure shi. Haka masanin ƙididdiga Jerzy Neyman ya tsara ta a 1937. Saboda haka kalmar tabbaci ta yi nauyi, don ba mu san ko tamu tana cikin biyar ɗin nan ba.

Mai fassara: Ina tare da Malam, tabbaci a kunnen Bahaushe ya rufe ƙofar shakka. Na ga wasu na cewa tazarar amincewa, amma mai ji zai tambaya, wa ya amince da wa? Kirdado kuma ya yi sako-sako, kamar an faɗa da ka. Ƙiyasi ya fi, domin yana da lissafi a cikinsa kuma bai yi alkawari ba. Tazarar ƙiyasi ta kashi 95.

Sista ta ɗakin tiyata: Wannan ta shige ni. Kuma yanzu na ga amfaninta a bakin gado. In gaskiyar tana kusa da 0.2, wato sa'o'i biyar ma ba su cika ba, ba zan sauya kayan aiki da horar da ma'aikata a kan haka ba. In tana kusa da 3.8, gado zai riƙa samuwa da wuri. Amma yiwuwar kuskure ni ban ga laifinta ba. `p = 0.03` ai yana nufin kashi 3 ne kawai yiwuwar mun yi kuskure.

Malamin ƙididdiga: Nan ne sunan yake cutarwa, Sista, don fahimtar da yake bayarwa ke nan, kuma ba ita ba ce. Lissafin yana farawa ne da ƙaddara cewa hanyoyin biyu ɗaya suke, babu bambanci ko kaɗan. Sai a tambaya, in haka ne, sau nawa katari kaɗai zai fitar da bambancin kwana 2 ko fiye, ta kowane ɓangare? Amsa, kusan sau 3 cikin 100. Bai faɗi yiwuwar sabuwar hanya tana aiki ba, bai faɗi girman amfaninta ba, kuma bai san komai ba game da kuskuren tsari. In masu ƙananan miki aka tura wa sabuwar hanya, `p` zai iya fitowa ƙarami, sakamakon kuwa ba abin dogaro ba ne.

Ɗalibar jinya: Ni a aikina na ƙarshen karatu, kan koyar da masu ciwon suga kula da ƙafa, na samu `p = 0.06`, aka ce in rubuta babu bambanci. Raina bai kwanta ba, don na ga canji a wajen mutanen.

Malamin ƙididdiga: Ki koma ki duba tazarar. Ɗauki misalinmu, komai yadda yake, sai dai mutum 10 a kowane rukuni. Bambanci yana nan kwana 2, amma tazarar ta zama daga -1.8 zuwa 5.8, `p` kuma wajen 0.28. Ta ratsa sifili, don haka ba a kore rashin bambanci ba, amma ba a kore ribar kwana biyar ba ma. Abin da za ki rubuta shi ne mutanen sun yi kaɗan a yanke hukunci. Iyakar 0.05 al'ada ce da ta bazu daga littafin masanin ƙididdiga Ronald Fisher na 1925, kuma tsakanin 0.04 da 0.06 babu wani rami. Sai dai abin da idonki ya gani shi ma ba hujja ba ne, wanda ya koyar yakan ga canjin da yake fata.

Mai fassara: To me zai hana a ce ma'aunin katari? Ya fi yiwuwar kuskure nesa ba kusa ba.

Malamar jinya: Tsorona ɗaliba za ta karanta shi "kashi 3 katari ne, kashi 97 gaskiya", mu koma gidan jiya. Na fi karkata ga ƙimar `p` kawai, tunda harafin za su gani a jadawali, sai in bi ta da jimlar Malam ta "in da babu bambanci".

Mai fassara: Ban gamsu ba, Malama, ƙimar `p` ba ta koya wa kowa komai. Amma na yarda katari ma yana da tarkonsa.

Malamar jinya: Na rubuta matsakaicin raba-daidai, ɗan tsakiya da tazarar ƙiyasi. Shi kuwa `p value` zan ba rabin aji ma'aunin katari, rabi ƙimar `p`, in ba su misalin wankin mikin nan in ji yadda kowa zai fassara 0.03. Malam, `SD` fa, warwatsuwa kawai za mu bar ta?